Allurar yanzu jabu ce ko hannun tela ne?

Sale Tela, Garwa: Wallahi alluran yanzu duk jabu ne. Jiya huɗu na karya wajen kalmashe ƙafar jins guda. Da na gaji na sa lamba 18 ta wuce, na ci gaba da ita a kan shaddar wani Alhaji, tunda duk yadi ne mai nauyi. Ga ɗinkin nan ya tattare, hudoji a jere. Mai shagon da ya sayar mini, Allah ya isa.

Hajiya Mairo: Shaddar ce mai nauyi? Ɗana, tauri daban, nauyi daban. Ka ɗaga ta a rana ka gani, ba ta da kauri. Saƙarta ce a matse, sai sheƙi da bugun da ta sha. Lamba 18 ba ta samun hanya tsakanin zaren saƙar, sai ta ture su gefe, shi ne hudar, shi ne tattarewar. Ni lamba 14 nake sa wa shadda, sabuwa mai tsini, wani lokaci ma 12 idan mai laushi ce. Sai wajen wuya, inda ninki ya taru, nake komawa 16.

Ɗanladi: Hajiya da girmanki, amma shadda tana da nauyi. Ki ɗauki babbar riga ta mita goma ki ji.

Hajiya Mairo: Allura ba rigar take ɗauka ba, ninki biyu take hudawa.

Ɗanladi: To ni dai Ogana 18 yake sawa tun ina yaron shago, ba a taɓa dawo mana da kaya ba.

Oga Buba, Marwa: Ogan naka aikin wuya yake yi da zare mai kauri, shi ya sa. Zare ne ke zaɓar allura. Akwai kwari a jikin allura inda zare ke kwanciya lokacin da take nutsewa. In zaren ya fi ƙarfin kwarin, sai ya riƙa gogar yadi, ya yi gashi-gashi ya tsinke. In kuma allurar ta fi zaren girma, zaren ba ya cike hudar da ta bari. Sale, na tabbata siririn zaren roba na kullum ka zura a 18 ɗin nan. Ka gwada: yanki zare kamu biyu, ka zura allura, ka karkata shi. In ta zame da kanta sun dace, in ta maƙale ka ƙara lamba.

Sale Tela: Oga, ni maganar jabu na kawo. Huɗu fa!

Oga Buba: A ina suka karye? Ba a mahaɗar ɗinkin gefe ba? Nan yadi yakan kai ninki tara ko fiye. Ƙafar keke tana hawa tudun sai ta karkace, kai kuma kana jan wandon ta baya, allura ta lanƙwashe ta daki ƙarfe. Ka fara buga wajen da guduma ya kwanta, ka cusa ninkakken ƙyalle a bayan ƙafar ta daidaita, ka juya keken da hannu har ka wuce. 16 ma ta isa.

Sale Tela: Ban ja ba. To, kaɗan.

Baduku Isa: Ku sayi allurar fata ku huta, ba abin da ba ta hudawa.

Hajiya Mairo: Subhanallahi! Malam Isa, bakin waccan wuƙa ce, yanka take yi. A fata daidai ne, a shadda kuwa zaren saƙa za ta datse, wankin farko ɗinkin ya buɗe.

Baduku Isa: Na ɗauka jaka yake ɗinkawa. Mu dai a fata tazarar ɗinki milimita 3 zuwa 4, in ka matse ta sai ta yage a kan layin. Kuma hudar fata ba ta rufewa.

Ɗanladi: 'Yan Marwa komai sai sun kawo fata.

Baduku Isa: Takalmin ƙafarka daga ina?

Zainabu: Tunda ana maganar shadda, ni gam ɗin kwala ne ke kumbura mini bayan wanki. Shi ma jabu ne?

Ɗanladi: Bizlin ake cewa a nan, gam na 'yan Najeriya ne.

Zainabu: A Mubi na koyi ɗinki, sai me?

Hajiya Mairo: Ƙyale shi, 'yata. Sheƙin shadda yana hana gam kamawa sosai. Kada ki goga, ki shimfiɗa ƙyalle a kai, ki danna dutsen guga ki ƙirga goma sha biyar, ki ɗaga, ki bari ya huce kafin ki motsa shi. Ki fara gwadawa a guntun da ya rage.

Oga Buba: Ni na daina mai mannewa a shadda mai tsada, na ɗinkawa nake sawa.

Hajiya Mairo: Kwalarka kuwa tana tsayawa?

Sale Tela: Wai ba mai cewa komai a kan jabu?

Ɗanladi, mai kula da zaure: Na rufe. Abin da aka cimma: shadda tana da nauyi, 18 tana aiki kamar yadda Oga Buba ya tabbatar a kan Ogana, sunan gam ɗin kwala kuma bizlin. Sale, ka ba Alhaji haƙuri, ka sayi guduma.