Rage Awannin Aiki da Azumi: Yadda Manaja Zai Lissafa Sabon Adadi a Sanarwarsa

Wani manaja ya nemi shawarar abokan aikinsa kan sanarwar rage lokacin aiki a watan Ramadan. Yawancin shawarwarin sun tsaya ne a kan lissafi.

Misalin da aka ɗauka shi ne ma'aikata masu aikin awa 8 a rana, aka mayar da su awa 6. An rage kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, don haka wanda ake buƙatar ya kammala takardu 40 a rana zai koma 30. Aka ce manaja ya rubuta wannan lamba ƙarara. Idan ya ce "za a ɗan sassauta" kawai, kowane shugaban sashe zai fassara yadda ya ga dama, a wayi gari wasu na tafiya da aiki gida bayan buɗa baki. Wannan ce alamar farko ta cewa an rage awa a takarda amma nauyin yana nan.

Wata mai kula da ma'aikata ta ja hankali kan alawus: idan sai an kai 40 ake biyansa, dole ma'auninsa ya sauko zuwa 30, in ba haka ba an rage wa mutane kuɗi a fakaice. A ganina nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Game da ranar farawa kuwa, aka ce a rubuta "daga 1 ga Ramadan, bisa ganin wata", tunda watan Sha'aban da ke gabansa na iya yin kwana 29 ko 30.