Rago ya samu aibi bayan an biya kuɗi: ku da abin ya taɓa samu, yaya kuka yi?

Mai Shago, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Sallah ta matso, ina so mu tattara abin da ya faru da kowa, don wani ya amfana. Bara na sayi uda sefa dubu 95, lafiyarsa ƙalau, na ɗaure shi turke ɗaya da na ƙanena. Daren 8 ga Zulhajji suka yi karo, da asuba na tarar ƙahonsa na hagu ya karye daga gindi, jini ya jiƙa masa kunne. Wasu suka ce in yanka abina tunda lafiyayye na saya, wasu suka ce ya tashi daga layya. Na yanka shi cikin kokwanto, har yau raina bai kwanta ba.

Direban Kusiri

Wa alaikumus salam. Alhaji kwantar da hankalinka. Ni abin da na taso na ji shi ne ranar saye ake dubawa. Shekaran bara na ɗauko rago daga Njamena, wajen sauke shi a gadar Ngeli ya gurɗe ƙafa, na yanka abina ban tambayi kowa ba. Niyya ai ta riga ta ƙullu tun a kasuwa. Kuma ƙaho ba nama ba ne, wa yake cin ƙaho?

Malamin Zaure, Marwa

Ƙanena direba, rabin maganarka daidai ne. Ƙaho shi kansa ba ya hana layya, ragon da aka haifa ba ƙaho ma ya isar. Wanda ƙahonsa ya karye tuntuni, wurin ya bushe ya warke, shi ma babu komai. Matsalar ɗanyen rauni ce. Mai Risala ya ce idan ƙahon yana jini bai halatta ba, kuma malamanmu sun bayyana cewa ba sai jinin yana ɗiga ba, muddin wurin bai warke ba ana lissafa dabbar cikin marasa lafiya. Karaya daga gindi kwana biyu kafin Sallah kuwa ba za ta warke kafin ranakun yanka su fita ba.

Zancen ranar saye kuma, akwai malaman wasu mazhabobi da suka ce idan mutum ya riga ya ayyana dabbar lafiyayya, aibin da ya zo daga baya ba da sakacinsa ba bai ɓata ta ba. Amma mu da muka tashi kan karatun Malikiyya, a wajenmu dabba ba ta zama layya sai da yanka. Saboda haka halin da take ciki lokacin da wuƙa ta hau shi ake dubawa. Ko wajen kayar da ita ne ƙafa ta karye, ta fita.

Wannan hukunci yana da tsanani ta gefe ɗaya, yana da sauƙi ta ɗaya gefen. Tunda ragon bai zama layya ba tukuna, dukiyarka ce kamar sauran, kana iya sayar wa mahauci ka cika kuɗi ka sayi wani. Amma da zarar ka yanka shi da sunan layya, ƙofar sayarwa ta rufe, ko da layyar ba ta yi ba. Sai dai a ci a bayar. Idan kuma aljihu ba zai ɗauki na biyu ba, ba a ɗora maka ba, domin layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ba ya buƙatar kuɗin don larurar gidansa.

Game da ƙafar naka ragon, ya danganta da yadda gurɗewar take. Aibobi huɗu ne suka zo a hadisin Bara'u ɗan Azib da ke cikin Muwaɗɗa: gurguwa, mai ido ɗaya, marar lafiya, da ramammiyar da ba ta da ɓargo. A ukun farko an ce sai abin ya bayyana. Ma'aunin gurguntaka kuwa shi ne, in an kora garke, yana iya bin 'yan'uwansa ko ana barinsa baya? In ɗan ɗingishi ne yana tafiya tare da su, ka tsira.

Direban Kusiri

To Malam, nawa dai da ƙafa uku ya shiga gida. Allah Ya karɓa a matsayin sadaka.

Dillalin Kara, Ngaundare

Ni a kara nake kwana nake tashi, bari in faɗa muku abin da na gani da idona. Irin matsalar Alhaji na Garwa ta samu wani maƙwabcina, ragonsa ya ɓalle da dare ya afka buhun masara, gari ya waye cikinsa ya kumbura tim, ya ƙi tuƙa, yana nishi. Ranar jajibiri ke nan. Na ce kada ya yi gaggawa. Muka sayar wa mahauci da faɗuwar sefa dubu 20, ranar Sallah ya yi idi ya dawo gida bai yanka komai ba, yara suna ta ƙunci. Washegari muka shiga kara, masu dabbobin da suka yi kwantai suna neman kuɗin motar komawa, ya samu wanda bai gaza na farko ba da abin da ke hannunsa. Mutane suna mantawa kwana uku ne ake yanka, 10 da 11 da 12 ga wata. Ranar farko ta fi lada, amma ta biyu ma layya ce cikakkiya.

Sannan yawancin aibin da ake cewa ya fito a gida, wallahi daga kasuwa aka taho da shi. Kada ka sayi rago a ɗaure. Ka ce a kwance shi a kora shi ka ga tafiyarsa. Ka kaɗa hannu kusa da kowane ido ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ya gani ba zai ƙifta ba, ko da idon yana nan garau. Ka ɗaga wutsiya ka duba zawo, ka duba hanci ko yana majina. Ka shafa gadon baya, don gashi yana ɓoye rama. Sai ka buɗe baki. Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, na ƙasa ake dubawa: in duk ƙanana ne farare iri ɗaya, na nono ne. In biyu na tsakiya sun fi sauran faɗi, ya yi famfara, ya kai shekara ko ya wuce. Balami ɗan wata bakwai da ya sha dusa da angurya yana iya fin ɗan shekara biyu girma, saboda haka jiki ba shaida ba ne.

Kunne kuma, nan wajenmu makiyaya suna yanka shi don shaidar garke. Malam ya faɗa mana iyakarsa.

Malamin Zaure, Marwa

Allah Ya saka, Alhaji dillali, wannan ba ya cikin littafi. Kunne in abin da aka yanke ko aka tsaga bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, an yafe. Wutsiya ta fi tsanani, in ta kai kashi ɗaya cikin uku da yankewa ta hana, saboda ita nama ce da kitse. Shekarun rago kuwa, abin da aka fi dogara a kai shi ne ya cika shekara, ko da yake Risala ta kawo maganar wata 8 da wata 10. Mai haƙoran nono da ya kusa shekara ba a yanke cewa bai isa ba, sai dai wanda ya yi famfara ya fitar da kai daga shakka. Kuma a kiyaye, yankan dare ba ya isarwa a wajenmu, wanda zai yi a rana ta biyu ya bari gari ya waye.

Uwar Gida, Yelwan Garwa

Salamu alaikum iyayena. Ni tawa daban ce amma ku yi haƙuri. Mu shida muke haɗa kuɗi kowace shekara mu sayi sa a raba. Bara da aka kawo shi sai muka ga wutsiyarsa guntuwa ce, ɗaya daga cikinmu ta ce ba ta yarda ba, rigima ta kusa raba mu. To layyar mu duka ce ta lalace ko rabonta kaɗai?

Malamin Zaure, Marwa

Hajiya, kafin a kai ga wutsiya akwai magana. A Malikiyya ba a tarayya cikin kuɗin dabbar layya. Mutum ɗaya ne yake mallaka, sai ya shigar da iyalinsa cikin lada, waɗanda suke danginsa, suke zaune tare da shi, yake ciyar da su. Abin da kuke yi watanda ne, halas ne, nama ne mai albarka, amma ba layya ba.

Ɗalibi, Njamena

Gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Hadisin Jabir yana cikin Sahihu Muslim, sun yanka saniya mutum bakwai, raƙumi mutum bakwai a shekarar Hudaibiyya, kuma Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya duk sun yi aiki da shi a layya. A unguwarmu haka talakawa suke yi. Su Hajiya shida ne, ba su wuce bakwai ba.

Malamin Zaure, Marwa

Hadisin ingantacce ne ɗana, ban musa ba. Malamanmu sun ce a kan hadaya ya zo, ba layya ba. Wanda ya bi waɗancan limamai ban ce ya ɓata ba, amma ya bi su da sharuɗɗansu. Hajiya ta tambayi limamin unguwarsu wanda ya ga san da idonsa, domin guntuwar wutsiya ma sai an ga nawa ne ya tafi.

Mahauci, Domayo

Tunda an zo kan mu, bari in ce wani abu. Ragon da ya samu aibi muna saya, amma a kawo shi da rai, kuma a faɗa mana gaskiyar abin da ya same shi, musamman in an yi masa allura. Wanda ya fi damuna shi ne bayan fiɗa. Sau da yawa in na gama, maigida sai ya ce ɗauki fata da kai mu rabu. Marwa garin majema ne, fata tana da masu saye, shi ya sa ake ganin ai an biya ni. To wannan sayar da wani yanki na layya ne da sunan lada. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Sayyadina Ali ya ba mahauci komai daga cikin dabbar a matsayin ladan aiki. Ni yanzu tun kafin in zare wuƙa nake yanke kuɗin fiɗa, a ba ni a hannu. In bayan nan maigida ya ga dama ya ce ga fata sadaka, na karɓa na gode.

Uwar Gida, Yelwan Garwa

To Baba mahauci, in an ba ka sadaka kai kana iya sayar wa majema? Mu tsohuwar da muke ba tamu, ranar take kai ta kasuwa.

Malamin Zaure, Marwa

Tana iyawa Hajiya. Mai layya ne aka hana sayarwa, wanda aka yi wa sadaka kuwa ta zama tasa, Muhtasar ya keɓe shi a fili. Abin da ba a so shi ne maigida ya rage kuɗin fiɗa saboda ya san fatar za ta biyo baya.

Direban Kusiri

Baba mahauci, nawa kuke karɓar fiɗar rago a Marwa bana? Nan sun fara cewa sai an haɗa musu da kuɗin babbaka.