A wasan kurket, in ƙwallo za ta ci sanda, me ya hana LBW?

Awudu Nima: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na tsaya a kan maganata, in ƙwallo ta sami mai bugu a fad, wato kariyar ƙafa, kuma kowa ya ga sanduna za ta je ta ci, to LBW ne, awut ne ya fita, ko ina ta fara dira. Jiya a wasanmu na jefa ma wani, ta same shi dab a gaban sandar tsakiya ƙasan gwiwa, ampaya ya ce wai ta dira waje. Waje ina?? Wannan ba doka ba ce, son kai ne.

Sani Madina: Wa alaikumus salam. Awudu yi haƙuri amma ampaya ya fi ka gaskiya. Dole ƙwallo ta dira a kan layin da ke tsakanin sanduna ukun can da sanduna ukun nan, in ta dira waje ko ta dama ko ta hagu shikenan babu LBW. Haka aka koya mana tun muna makaranta

Kawu Isufu: Sani rabi ka kama. Awudu kafin in ce komai, kai da hagu kake jifa ko ba haka ba? Kuma shi mai bugun badame ne?

Awudu Nima: Eh Kawu, da hagu, shi kuma da dama yake riƙe bat

Kawu Isufu: To kaga inda zancen yake. Kai bahago in ka taho da gudu hannunka na jifa yana kusa da sanduna, jikinka yana gefen dama na ampaya, kuma wannan gefen shi ne gefen da ƙafafun badame suke, ɓangaren lek kenan. Saboda haka ƙwallonka tun daga hannu a karkace take tafiya, daga lek tana gangarawa zuwa of, wato ɗaya gefen. In ba ta lanƙwasa a iska ba ta tafi a miƙe har ta nufi sandar tsakiya, sau da yawa inda ta dira yana wajen layin sandar lek ne, ko da da faɗin yatsa huɗu ne. Faɗin sandunan nan gaba ɗaya inci 9 ne kawai, filin kuma yadi 22, karkata kaɗan ta isa ta fitar da kai daga layi. Doka ta 36 kuwa ba ta bar ƙofa a nan ba, ƙwallon da ta dira wajen sandar lek ba a ba da LBW a kanta, ko da za ta tumɓuke sandar tsakiya ne. Ampaya ba ya ma isa ga tambayar za ta ci ko ba za ta ci ba, a tambayar farko zancen ya mutu.

Inda Sani ya kauce shi ne ɗaya gefen. In ta dira wajen sandar of ta shigo ciki ta sami fad a kan layi, awut ne lafiya lau. Abin da ka faɗa Sani tsohuwar doka ce, an canza ta tun 1937.

Sani Madina: Kawu anya? Ni na sha ganin an ce ba awut ba saboda wajen of, a talabijin ma ana nunawa

Rabi Aboabo: Yaya Sani abu biyu kake haɗawa. Inda ƙwallo ta dira a ƙasa daban, inda ta sami mutum daban. Wanda kake gani a talabijin na biyun ne. Ni da nake tsaron bayan sanduna a tim ɗinmu na makaranta a nan Kumasi abin da nake kallo kenan kullum. Ƙwallo ta dira wajen of, babu laifi. Amma in mai bugu ya miƙa ƙafa gaba ta same shi ƙafar tana wajen layin sandar of, kuma da gaske ya kai mata bat, to ya tsira ko da shigowa take yi. In kuma ya ɗaga bat sama ya tare da fad kawai bai yi niyyar bugu ba, wannan kariyar ta faɗi, ana iya ɗaga masa yatsa in dai za ta ci sanda

Awudu Nima: To ai kun ƙara min hujja. Me ya sa of ke da sassauci lek babu? Ku tuna ƙwallon da Shane Warne ya jefa ma Mike Gatting a Old Trafford 1993, wajen lek ta dira ta juyo ta ci sandar of, duniya ta yi ta yabo har yau. Wato da Gatting ya sa ƙafa ya tare sai a ce ba awut ba? Ƙwallo ɗaya, hanya ɗaya, ta ci sanda an yaba, an tare da ƙafa an ce mai jifa ya yi haƙuri. Ina adalci a nan dan Allah

Kawu Isufu: Ƙwarai, da ya tare da fad da yana nan tsaye. Kuma masu bugu da yawa haka suka riƙa yi ma Warne in ya zagayo yana jefawa cikin ramukan da takalman masu jifa suka tona a wajen lek, sai su sa ƙafa su ƙyale. Amma ɗana ka tsaya a wurin mai bugu ka gani. Ƙafafunsa a gefen lek suke tun kafin a jefa, ba kai su ya yi ba, can ne mazauninsu. Ƙwallon da ta fito ta wannan gefen ta bayan ganinsa take zuwa, jikinsa ne a tsakaninta da bat. In aka ce ana ba da LBW a nan, kowane mai jifa zai bar neman gefen bat ya koma harbin ƙafa daga safe har yamma, a cika gefen lek da masu tsaro, bugun gefen of da mutane ke biyan kuɗi su kalla ya mutu. A gefen of kuwa sai mutum ya ɗauki ƙafa da kansa ya kai ta can, shi ya sa doka take tambayarsa me ya kai ka, bugu ko tarewa.

Wannan na tarewar ma ba haka kawai ya shigo ba. A Edgbaston 1957 Peter May da Colin Cowdrey sun haɗa 411 a kan West Indies, kuma babban makaminsu a kan Sonny Ramadhin shi ne miƙa ƙafa wajen of su tare da fad, ya yi ta roƙon ampaya a banza don doka ba ta ba shi ba. Sai wajen 1972 aka gyara aka ce wanda bai kai bat ba ba shi da wannan mafakar.

Danlami Sabon Zongo: Ni tambayata, in ta sami mutum a ciki ko a hannu fa? Ran nan ƙanena ta same shi a cinya can sama aka ce ya fita, alhali ba ta taɓa fad ba sam

Rabi Aboabo: Danlami ba sai fad ba, ko ina a jiki ne. Tendulkar a Adelaide 1999 ya sunkuya ma ƙwallon McGrath yana zaton za ta tashi, ba ta tashi ba ta same shi a kafaɗa, aka ba da shi. Hannun da ke riƙe da bat ne kawai ake lissafa shi a matsayin bat. Na ƙanenka abin tambaya shi ne tsayi, sanduna inci 28 ne, in yana tsaye sosai ta same shi a saman cinya tana kan tashi da wuya ta ci, in kuma ya durƙusa yana shara to cinyar tana daidai sanda

Danlami Sabon Zongo: A tsaye yake, kuma a kan siminti muke wasa da tabarma a kai

Rabi Aboabo: A siminti ƙwallo tana tashi fiye da ƙasa, ni da ni ce ba zan bayar ba. Amma ban gani ba

Awudu Nima: Mu dawo kan nawa. Ko na yarda da dokar, ta yaya ampaya ya san ta dira waje? Babu layi a ƙasa, babu kyamara, mu ba a Achimota muke wasan ƙasa da ƙasa ba. Yatsa huɗu Kawu yake cewa, wa ke ganin yatsa huɗu daga nesa haka

Kawu Isufu: Wannan tambayar ta fi ta farko. Ampaya yana tsaye ne a bayan sandunan gefenka daidai, idonsa a kan layin, ya fi ka gani nesa ba kusa ba domin kai lokacin da ƙwallo ke dira kanka yana faɗuwa gefe kana ƙarasa gudu. Kuma akwai alamu. Yana duba inda hannunka ya saki ƙwallo, in ka buɗe can gefen layi ka saki kuma ƙwallo ba ta lanƙwasa ba, gajeriya ce ba ta kai kusa da ƙafa ba, amma ta sami mutum a gaban tsakiya, to lissafi kansa ya nuna daga waje ta taso. Yana duba inda mai bugu ya ja alamar tsayuwarsa, in a sandar lek ya tsaya kuma ƙwallo ta dira daidai yatsun ƙafarsa ko bayansu, waje ne. In yana shakka kuma ba ya ɗaga yatsa.

Manya ma suna ruɗewa. Headingley 2019, Australia suna neman mutum ɗaya su ci wasa, Cummins ya sami Jack Leach a fad suka nemi a duba, allo ya nuna ta dira wajen lek, damarsu ta ƙarshe ta tafi. Oba ta gaba, wato zagayen jifa na gaba, Lyon ya sami Stokes, ampaya ya ce a'a, na'ura ta nuna da an duba da awut ne, amma babu sauran damar dubawa. Ingila ta ci da wikit ɗaya.

Maganinka Awudu, matso kusa da sanduna in za ka saki, ka jefa ta ta kai gaba sosai, ka koyi lanƙwaso ta ciki ga badame yadda za ta dira a kan tsakiya ko lek ta miƙe. Bahagon da ke samun LBW haka yake yi, je ka kalli Wasim Akram ko Starc.

Awudu Nima: Zan gwada Kawu, na gode. Amma har yanzu ina ganin in mutum bai kai bat ba ya sa ƙafa da gangan, ko wajen lek ne ya kamata a fitar da shi. Yadda aka gyara na of a gyara wannan

Sani Madina: A nan kam ina bayan Awudu

Rabi Aboabo: Ni ban yarda ba. Ku ba ku san wahalar da ampaya ke sha ba wajen gane wa ya kai bat da gaske wa ya ɓoye shi bayan fad yana yi kamar ya kai, a gefen of ma rigima ake yi kullum. A lek mutum yana iya kai bat tsakani da Allah jikinsa ya riga shi, sai ku ce da gangan ne. Kawu kai da ka yi alƙalanci, za ka iya rabewa?

Kawu Isufu: A kan mai juya ƙwallo a hankali zan iya mafi yawan lokaci, ina kallon ko bat ya sauko kusa da layin ƙwallo ko yana can bayan ƙafa. A kan mai gudu irin Awudu, a'a.