Daga kashi 40 zuwa kashi 50: ƙarin goma ne ko ashirin da biyar?

Ɗalibar Ajin Ƙarshe: Jama'a ku raba mu da malamina. A jadawalin da aka ba mu, kashi 40 cikin ɗari na ɗalibai ne suka ci jarrabawa a shekarar farko, a ta biyu kashi 50. Tambayar ita ce, da kashi nawa cikin ɗari kason masu ci ya ƙaru? Na rubuta 10, ya soke. Ni dai har yanzu ina kan bakana.

Ɗan Baiwa: Ke ce da gaskiya, ƙanwata. A cire 40 daga 50, saura 10. Ko ɗan firamare ya san wannan.

Tsohon Malami: Ragin da ka yi daidai ne, amma ba shi aka tambaya ba. Goman nan tazara ce tsakanin kaso biyu, da maki ake faɗinta: kason ya hau da maki 10. Idan kuwa aka ce da kashi nawa cikin ɗari ya ƙaru, to ana so a auna ƙarin ne da inda aka taso. An taso daga 40, an samu ƙarin 10, goma kuwa rubu'in arba'in ce:

(50 − 40) ÷ 40 × 100 = 25

'Yata, ki gwada amsarki da kanki. Kashi 10 cikin ɗari na 40 nawa ne? Huɗu. Da a ce da kashi 10 ya ƙaru, da a 44 zai tsaya. Jadawali kuwa 50 ya nuna. Duk amsar da kika ɗora a kan lambar farko ba ta kai ki ga ta biyu ba, akwai gyara.

Mai Kalkuleta: Malam, na yarda sai an raba, amma ni 20 na samu. Goma a raba da hamsin.

Tsohon Malami: Da sabuwar lamba ka raba. Ashirin ɗinka amsar wata tambaya ce: da daga 50 aka sauko zuwa 40, raguwar kashi 20 ce, domin a lokacin 50 ne mafari. Tazarar maki 10 ce a hawa da sauka, amma hawan kashi 25 ne, saukar kashi 20.

Uwar Biyu: Irin wannan aka yi mana da kuɗin ruwan wani rance. Aka ce mana daga kashi 4 ya koma kashi 6, wai ƙarin biyu ne kacal, kada mu damu. Da aka zo biya sai na ga ruwan ya ƙaru da rabin abin da nake bayarwa a da. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Mai Kalkuleta: Biyu a raba da huɗu, kashi 50 ke nan. Allah Ya mayar miki da alheri, Hajiya. To Malam, ke nan za a iya cewa yawan ɗaliban da suka ci ya ƙaru da kashi 25?

Tsohon Malami: A'a, a nan ma mutane da yawa ke zamewa, har da masu ƙoƙari. Kason ne ya ƙaru da 25. Yawan mutanen kuma sai an san nawa suka zauna jarrabawar kowace shekara. A ce 200 ne a farko, kashi 40 nasu mutum 80 ne. Idan 200 suka sake zama, masu ci sun zama 100, a nan kam ƙarin 25 ne. Amma idan 300 suka zauna a shekara ta biyu, rabinsu 150 ne. Daga 80 zuwa 150 ƙarin mutum 70, wato kashi 87.5 cikin ɗari. Idan jadawali bai kawo jimillar ba, kada ka ce komai a kan yawan mutane.

Ɗan Baiwa: Lissafin na karɓa, Malam, amma laifin na mai tsara tambaya ne. Kullum a labarai muna jin "ya ƙaru da kashi kaza" alhali tazara ake nufi. Don me za a hukunta yarinya a kan abin da manya ke faɗa?

Tsohon Malami: Wani lokaci tambayar kan zo a dunƙule, ban musa ba. Amma wannan ta ce "da kashi nawa cikin ɗari". Da tazara ake so, da an ce "da maki nawa" ko "mene ne bambanci". Ni idan da wurin rubutu, duka biyun nake sa ɗalibaina su rubuta: ya hau da maki 10, wato ƙarin kashi 25.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe: Ta zaɓi ce, Malam, kuma 10 da 25 duk suna ciki.

Tsohon Malami: To da gangan aka sa miki 10 ɗin.

Ɗan Baiwa: Shi ya sa na ce tarko ne. Ni da ni ne mai maki, ko rabi sai na ba ta.