Hatsarin hanyar Tanut: wane adadi zan faɗa a labaran ƙarfe shida?

Ƙanwar Birni: Salamu alaikum. Ina koyon aiki a wani gidan rediyo nan Damagaram, shugaban sashenmu yana tafiya, wayarsa ba ta shiga. Hiyas ta yi karo da babbar mota gaban Bakin Birji da azahar. Wani direba da ya wuce wurin ya ce mini gawa 14 ya ƙirga, a WhatsApp ana cewa sun fi 20, wata ma'aikaciyar jinya kuma ta ce gawa 6 aka kawo musu. Jandarma ba su yi magana ba tukuna. Wanne zan karanta?

Ɗan Zango: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Direbobin nan gudu ya yi musu yawa.

Baba Mai Ritaya: Ƴata, duk ukun ba abin karantawa ba ne. Direba daga nesa ya gani, kuma a bakin hanya wanda ya suma ana shimfiɗe shi kusa da mamaci a lulluɓa masa zane don rana, sai a ƙirga su tare. Shidan asibiti kuma na iya kasawa, domin in mamaci ɗan ƙauyen kusa ne, danginsa kan ɗauke shi a yi masa sutura kafin magariba, bai taɓa shiga ɗakin ajiye gawa ba. Na WhatsApp sau da yawa haɗa lissafi ne: an ƙirga a wurin, an sake ƙirga su da aka kawo gari. Kira jandarman da suka yi konsta da ƴan kwana-kwana. In ba su amsa ba, ki ce an yi hatsari a wuri kaza, akwai rasuwa da raunuka, hukuma ba ta ba da adadi ba zuwa ƙarfe shida.

Malam Sabon Gari: Ai lissafi mai sauƙi ne. Hiyas mutum 19 take ɗauka, a cire waɗanda ke asibiti, saura su ne mamata.

Kabu-kabu 24: Malam, Hiyas ɗin da ke cikin littafi kake nufi? Tamu har akuya tana da kujera.

Baba Mai Ritaya: Wasa yake amma ya yi gaskiya. Yaran da ke kan cinya ba su da tikiti, ga ƴan hawan hanya. Wanda ya ji sauƙin rauni kuma yakan tari wata mota ya wuce, sai ku sa shi cikin matattu.

Hajiya Garin Malam: Ku kuna ta adadi, ni suna ne ya ƙone ni. Ƙanena ya yi hatsari a hanyar Magarya, wani ya tsinci katinsa na ɗan ƙasa cikin jini ya ɗauki hoto ya watsa. Wani gidan rediyo ya karanta sunansa cikin mamata. Innarmu tana tankaɗe ta ji, ta faɗi da rariya a hannu. Mata sun cika gida, an shimfiɗa tabarmi a waje, sai bayan isha'i muka same shi a asibiti da karaya biyu, yana tambayar ruwa. Shi ya warke. Ita tun ranar ɓarin jikinta bai sake motsi ba. Ko gafara ba su zo sun nema ba, washegari suka ce wai "an samu gyara".

Ƙanwar Birni: Allah ya ba Inna lafiya, Hajiya. Suna kam ba zan faɗa ba. Amma in na ce "aƙalla 6" fa?

Ɗan Jarida Na Gaske: Faɗi abinki. Sauran gidaje za su riga ki, jama'a su ce kuna ɓoye wa gwamnati. Baba zamanin rediyo ɗaya ya yi aiki.

Baba Mai Ritaya: Zamanin nan ma uwa ɗaya kowa ke da ita. "Aƙalla 6" zai yiwu in ma'aikaciyar da idonta ta gani kuma kin sami na biyu da ya tabbatar, sannan ki ce majiyar asibiti, ki faɗi lokacin. Kin tambaye ta ko gani ta yi ko ji?

Malam Sabon Gari: Hajiya ba ƴar jarida ba ce, a bar masu sana'a su yi magana.

Hajiya Garin Malam: Masu sana'ar ne suka kwantar mini da uwa. Kuma man motar asibiti da ta ɗauko shi, jika 15 muka biya.

Ɗan Zango: Jika 15? Mu daga Takeita jika 30 aka karɓa.

Kabu-kabu 24: Mu ba a karɓi ko dala ba. A bayan motar albasa muka kawo namu.

Ɗan Zango: To wai kuɗin man nan doka ce, ko kowa da farashinsa? Rasit ma ba a ba mu ba.

Ƙanwar Birni: Ma'aikaciyar jinyar ta ce ji ta yi daga mai gadi. Saura minti 20, wa ke da lambar wani a birgad?