Wa ya taɓa rubuta bayanin giraf ɗin CO2 na Mauna Loa? Ku zo mu haɗa abin da kowa ya gani

Ɗaliba_300L: Salam jama'a. An ba mu aiki mu yi bayanin giraf ɗin nan na iskar CO2 da ake aunawa a Mauna Loa can Hawaii tun 1958, wanda yake hawa kamar haƙoran zarto. Malam ya ce mu raba abu uku, inda layin ya dosa gaba ɗaya, hawa da saukar da yake yi duk shekara, sai kuma wuraren da ya kauce. Ni dai na rubuta "yana hawa yana sauka amma ya fi hawa" aka dawo min da takarda da jan biro wai ban ce komai ba. Don Allah waɗanda suka taɓa yi ku faɗa mana yadda ta kaya muku.

Malamin Jogirafi: Wa alaikumus salam ƴata. Gaskiya malaminku bai zalunce ki ba. Shekara da shekaru ina ba yara wannan giraf ɗin kuma kuskure ɗaya ne yake ta dawowa, sai yaro ya ɗauki watan Mayu ya gwada shi da Satumba ya ce iska ta ragu. Akwai wanda ya rubuta min cewa a 2023 duniya ta fara gyaruwa saboda Mayu 424 ppm ne, wato kashi 424 cikin miliyan na iska, Satumba kuma wajen 418 da rabi, ya ma ja layi a ƙarƙashi don in gani. Na ce masa to ɗauko Satumbar bara, ya duba ya ga wajen 416 ce. Kenan Satumba zuwa Satumba an ƙaru da kusan biyu da rabi, Mayu zuwa Mayu kuma daga 421 zuwa 424. Saukar da ya gani duk shekara ake yinta. Idan kina son ki san inda abin ya dosa ki gwada wata da takwaransa na bara, kar ki gwada shi da maƙwabcinsa. Kuma ki sa lamba da shekara a jimlarki, wajen 315 ppm lokacin da Charles Keeling ya fara awo a Maris 1958, ya haura 400 karon farko a Mayu 2013, yanzu ya wuce 420.

Ɗan Tasha: Ni fa tun da na ji a kan dutse mai aman wuta aka kafa na'urar na daina yarda da abin. Ai hayaƙin dutsen suke aunawa.

Mai Lissafi: Ɗan Tasha tambayarka ba ta banza ba ce, nima na yi ta. Dutsen yana fitar da CO2 kam, kuma wani lokaci da dare iska na gangaro da shi kan na'urar, amma idan ya zo lambobin tsalle suke yi cikin mintuna, sai a gane a cire waɗannan awannin. Da rana ma akwai akasin haka, iskar da ta taso daga ƙasa ta biyo ta kan itatuwa tana zuwa da CO2 kaɗan, ita ma cirewa ake. Abin da ya gamsar da ni shi ne tashar da ke ƙuryar kudancin duniya a Antatika da ta Barrow a Alaska, babu dutse mai wuta a kusa da su amma hawan iri ɗaya ne.

Bari in faɗi nawa kuskuren, don ni a wajen layin na faɗi. Na ɗauka miƙaƙƙen layi ne, na sa ruwla daga 316 na 1959 zuwa 421 na 2023, na raba 105 da shekara 64 na samu wajen 1.6 duk shekara, na rubuta haka ina jin daɗi. Sai wanda ke duba min aikin ya ce to layin naka me ya ce a 1991, tsakiyar tafiyar kenan. Na lissafa ya ba ni 368 da ɗoriya. Ainihin awon shekarar bai kai 356 ba. Tazarar kusan 13 fa, ninki biyu na duk hawa da saukar shekara. Wato layin lanƙwasasshe ne, cikinsa ya yi ƙasa, gudun ƙaruwa yake yi. A shekarun 1960 ƙarin bai kai 1 a shekara ba, a shekarun 2010 ya haura 2, wajen 2.4. Wannan 1.6 ɗin nawa bai dace da farko ba bai dace da ƙarshe ba. Tun daga nan duk giraf ɗin da na ja wa layi sai na cire layin daga awon na zana ragowar, in ragowar ta fito kamar ƙwarya a buɗe, sama a gefe biyu ƙasa a tsakiya, to na san miƙaƙƙen layi ƙarya yake min.

Ɗaliba_300L: Kai wannan na ƙwarya ya shige ni sosai. To haƙoran zarton fa, me zan ce a kansu banda suna hawa suna sauka?

Injiniya Zinder: Wannan mai sauƙi ne ƙanwata, lokacin sanyi Turawa na ƙona gas da gawayi don ɗumama gida sai ya hau, lokacin zafi su daina sai ya sauka. Haka na rubuta a nawa kuma na ci.

Malamin Jogirafi: Injiniya ka ci ne don mai makin yana sauri. Ka yi daidai da ka ce daga arewacin duniya abin yake, amma ba murhu ba ne babban dalili, tsirrai ne. Ka lura daga Mayu zuwa Satumba layin sauka yake yi da gaske, rage ƙona gas zai iya rage gudun hawa ne kawai, ba zai zuƙe iskar da ta riga ta shiga sama ba. Dole akwai mai zuƙa. Yawancin ƙasar tudu da manyan dazuka na arewa suke, Siberiya da Kanada da sauransu, in ganye ya fito sai su ja CO2, in ya zube ya ruɓe ta dawo. Ƴata abu uku za ki faɗa, yaushe ne ƙololuwa, Mayu, yaushe ne ƙasa, ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, nawa ne tsakaninsu, wajen 6 ppm a Mauna Loa. Kuma ki kula haƙorin ba daidai yake ba, saukar wata huɗu ce da sauri, hawan ya fi ɗaukar lokaci. In kina son ƙarin maki ki ce a Barrow haƙorin ya fi ninki biyu girma, a Antatika kuma da ƙyar ya wuce 1 kuma lokacinsa a juye yake.

Injiniya Zinder: To na karɓa, amma ban yarda murhu ba shi da hannu ko kaɗan ba. Kuma daminarmu ma ai Yuni zuwa Satumba ce, gero da dawarmu na cikin masu zuƙar kenan.

Malamin Jogirafi: Suna ciki, kasonsu ne ƙarami.

Hajiya Data: Ni matsalata ba fahimta ba ce, fayil ne ya kusa kunyata ni gaban mutane. Na sauke na cibiyar bincike ta Scripps na wata-wata na jefa a Excel na zana, sai ga layi ya faɗo har ƙasan sifili a 1964 da kuma wasu wurare a 1958, duk sauran giraf ɗin ya matse ya koma siriri a sama. Har na fara rubuta wai wani babban abu ya faru a 1964. Ashe -99.99 suke sawa a watan da ba a yi awo ba, kuma Fabrairu zuwa Afrilu 1964 an tsaya ne saboda matsalar kuɗin aikin. Ba iska ce ta canza ba, rami ne a takarda. Wanda ke amfani da manhajar lissafi ta R kuma akwai awon a ciki, 1959 zuwa 1997:

```
plot(stl(co2, s.window = "periodic"))
```

zai raba miki shi gida-gida, alƙibla daban, zagayen shekara daban, ragowa daban. Amma ki sani watanni ukun nan na 1964 a cikinsa cike su aka yi da lissafi, ba awo ba ne. A Excel kuma matsakaicin wata 12 ne ke goge haƙoran, ki goge -99.99 ɗin tukuna, ki jera awon a shafin D daga layi na 2, sai `=AVERAGE(D2:D13)` ki ja ƙasa. Na taɓa sa wata 10 da ganganci don in ga abin da zai faru, haƙoran ba su mutu ba sai ƙanana da suka rage suna rawa, dole watannin su cika shekara cif.

Ɗan Tasha: Ni na sayi ƴar na'urar nan ta auna iska, a ɗakina da dare tana nuna sama da 1000. To mu nan mun fi Hawaii lalacewa kenan?

Hajiya Data: Numfashinka kake aunawa malam, buɗe taga. Shi ya sa suka hau dutse mai tsayin mita wajen 3,400 a tsakiyar teku.

Mai Lissafi: Kaucewa ta gaske ba a ganinta a babban giraf ɗin, sai kin zana ƙarin kowace shekara shi kaɗai. Nan za ki ga 1998 ta yi tsalle zuwa kusan 3, haka 2015 da 2016, duk lokutan El Nino mai ƙarfi ne, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik mai kawo fari da zafi a ƙasashe masu dazukan zafi, itatuwa ba sa zuƙa sosai ga gobarar daji kamar ta Indonesiya. Sai kuma 1992 da ƙarin ya faɗi ƙasa da 1 bayan dutsen Pinatubo na Filifin ya fashe a Yuni 1991. Wannan ya ɗaure min kai da farko, dutse ya yi aman wuta amma CO2 ta rage gudu. Bayanin da na riƙe shi ne ƙurar da ya watsa sama ta sanyaya duniya kaɗan, ruɓewa a cikin ƙasa ta ragu.

Hajiya Data: Ni kuma abin da aka koya min hasken rana ne ya warwatsu saboda ƙurar, ya shiga har ganyen da ke cikin inuwa, tsirrai suka ƙara ja.

Mai Lissafi: Duka biyun ana faɗa, masana ma ba su gama raba gardamar wanne ya fi nauyi ba. In ni ne ke zan rubuta abin da giraf ya nuna da tabbaci, dalilin kuma in ce ana danganta shi da kaza.

Ɗaliba_300L: To korona fa? Na zata zan ga rami a 2020 da aka kulle kowa a gida, na duba na duba ban ga komai ba, har na ɗauka fayil ɗina ne ba daidai ba.

Malamin Jogirafi: Fayil ɗinki lafiya lau. Hayaƙin da duniya ta fitar a 2020 ya ragu da kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari ne kawai, sauran duk an fitar. Giraf ɗin kuma ba hayaƙin shekara yake nunawa ba, abin da ya taru ne, kamar randa da ake zuba wa bokiti ashirin kullum yau aka zuba sha tara. Kusan rabin abin da ake fitarwa ne ma ke zama a sama, teku da tsirrai na ɗauke sauran, sai ragin ya koma ƴan ɗigo bayan sifili, alhali El Nino kaɗai na iya motsa ƙarin shekara da kusan 1. Ya nutse a ciki. Ki rubuta shi a matsayin abin da aka zata za a gani ba a gani ba, da dalilinsa.

Hajiya Data: Kuma in bayananki sun kai ƙarshen 2022 ki sa ƴar alama, dutsen ya yi aman wuta ƙarshen Nuwamba ya yanke hanya da wutar tashar, na wasu watanni a dutsen Mauna Kea da ke kusa hukumar yanayi ta Amurka NOAA ta riƙa awon.

Ɗan Tasha: Ahaf, ba na ce muku dutsen nan zai yi magana ba.

Ɗaliba_300L: Hhh na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Hajiya na gwada matsakaicin wata 12 ɗin yanzu, haƙoran sun ɓace amma layin kamar ya ja baya da wata shida daga inda ya kamata, a wane layi zan ajiye amsar farko, na 7 ko na 13?