Wasiƙar Ranar Haihuwa Daga Mil 12 Zuwa Kura

Ɗan Kura, kasuwar Mil 12:

Assalamu alaikum. Ranar Asabar mai zuwa uwargidana za ta cika shekara 30 a Kura, ni kuwa ina nan Legas, motocin tumatirin rani suna sauka dare da rana, babu halin tafiya. Ina son in aika mata wasiƙa cikin waƙa wadda za ta ji ni a cikinta kamar ina zaune kusa da ita a kan tabarma. Ga abin da na fara, a taimaka a gyara mini.

Ke ce wata a tsakiyar taurari,
Hasken da ke korar duhun gari,
Ina taya ki murna da fatan alheri,
Allah ya ƙaro shekaru masu yawa.

Malamin Agege:

Wa alaikumus salam, ɗana.

Na karanta baitin da ka kawo har sau uku,
Na nemi matarka a ciki, ban gan ta ba.

Wata da taurari kayan aro ne na kowa,
Ba a taɓa hana wani saurayi ɗaukarsu ba.

Da za a miƙa takardar ga matar maƙwabcinka,
Ko harafi ɗaya ba zai nuna ba tata ba ce ba.

Ka bar sama inda take, ka sauko tsakar gidanku,
Ka faɗi abin da ban da kai wani bai sani ba.

Wace ƙara ce take tashe ka da asuba a Kura,
Wadda tun da ka zo Ikko ba ka sake jin ta ba?

Wane ƙamshi ne yake riga ta shiga ɗaki,
Har ka san ita ce tun ba ta yi sallama ba?

Hanci da kunne su ne masu riƙon amana,
Ido yakan manta, su kuwa ba su iya mantuwa ba.

Ginin baitin naka dai ba shi da laifi, domin ƙwar huɗu ka ɗauko, ɗango uku na farko sun sauka a kan "ri", na huɗu ya sauka a kan "wa". Ukun farko kana iya sauya musu amsa-amo a kowane baiti, amma "wa" ɗin nan ya zama bashi a wuyanka, sai ka biya shi a ƙarshen kowane baiti har waƙar ta ƙare.

Direban Apapa:

Ni direba ne, ban iya dogon zance ba,
Abin da na sani a duniyar nan shi ne hanya.

Ranar Laraba zan tashi da kaya daga Apapa,
In bi Ibadan da Ilori, in ƙetare Jebba lafiya.

Daga Mokwa in nufi Kaduna, in wuce Zariya,
Kura tana bakin titi, ba na buƙatar kewaya.

Ka sayo atamfa turmi biyu a kasuwar Balogun,
Ka haɗa da burodin Agege, ni zan kai kaya.

Mace ba ta ɗaura baiti a ƙugu ranar murna,
Zane take ɗaurawa, wannan ita ce gaskiya.

Hajiyar Idi-Araba:

Direba, atamfar ka kai, babu mai hana ka,
Burodin kuwa kafin Kura fumfuna ta cinye shi.

Shekara shida ina Katsina, maigidana yana Obalende,
Sau biyu a shekara idona yake ganin shi.

Zannuwan da ya aiko sun koɗe, sun zama tsumma,
Wani ɗan rubutu ne har yau nake ajiye da shi.

Ya ce mayafina da ya tafi da shi a cikin jaka,
Raɓar Ikko ta kama shi, tana cinye masa ƙamshi.

Ya ce kullum turaren wutar ƙara raguwa yake,
Yana tsoron ranar da zai shinshina ya ji danshi.

Wannan ta fi mini "ke ce hasken idona" sau dubu,
Don na ga hannunsa, na ga jakar, na ga ɗakin shi.

Sai dai, ɗana, bari in ja kunnenka a kan abu ɗaya,
Maza in an ce ƙamshi, tukunya suke nufi da shi.

Kada ka cika takarda da kuka da daddawa da man shanu,
Ta zaci tuwo kake kewa, ba mai tuƙa shi.

Ɗalibin Akoka:

Yaya, a nawa ra'ayin an daɗe a Kura da yawa,
Kura ai ta san ta, Legas take son gani.

Ka hau da ita Gada ta Uku da magariba,
Kusan kilomita 12 a kan ruwa, aikin zamani.

Ka nuna mata kwale-kwalen Makoko a cikin hayaƙi,
Da danfo masu ruwan ɗorawa suna kai-komo duk wuni.

Ka sa mata gishirin iskar teku a kan leɓe,
Da zufar da ba ta bushewa ko a tsakiyar rani.

Tumatir da warinsa kuwa ka bar su a kasuwa,
Ranar murna ba ta son irin wannan bayani.

Malamin Agege:

Ɗalibi ya kama rabin zaren, ya saki rabi,
Zufar da ya ambata ba abin yarwa ba ce ba.

Ita a Kura hunturu ya tsage mata dunduniya,
Shi a nan rigar da ya shanya a ɗaki ba ta bushe ba.

Jiki biyu a wata ɗaya, kowa da irin iskarsa,
Nisa ke nan an faɗe shi, ba a ƙirga kilomita ba.

Gadar kuwa tun 1990 masu hoto ke ɗaukar ta,
Kuma ba a kanta ɗan Kura yake kwana ba.

In ya kai ta inda shi kansa baƙo ne,
Yawon buɗe ido ta yi, mijinta ba ta gan shi ba.

Tumatirin da kake ƙyama daga Kadawa aka ɗauro shi,
Tsakaninta da Kura bai kai tafiyar sa'a guda ba.

Ƙasar da matarsa ke takawa ce take zuwa hannunsa,
Ni ban ga wani masinja da ya fi wannan ba.

Ɗan Kura, kasuwar Mil 12:

Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Daren jiya ban runtsa ba, domin mota ta iso a makare, kuma a kan kwandunan na zauna na sake rubutawa.

Uwargida, ina gaishe ki tun da wuri,
Yau kin cika 30, Allah ya sa alheri,
Na so in zama farkon mai gaishe ki a gari,
Sai ga ni a Mil 12, takarda ce mai zuwa.

Motar Kadawa ta iso da ƙarfe uku na dare,
Na hau na kwance igiya, kwanduna suna jere,
Ƙurar gida tana kan ciyawar da ke ɗaure,
Na shafa ta a tafina, na ƙi sa masa ruwa.

Wanda ya fashe a hanya warinsa yana tashi,
Amma ganyen da ke maƙale yana da nasa ƙamshi,
Irin na hannunki ranar da na kawo kika tsince shi,
Kika goge a bakin zane kina yi mini tsiwa.

A nan kwandastan danfo ke tashe ni da safe,
Yana kiran Ketu da Ojota, yana dukan ƙarfe,
Sai in ja bargo in bar idona a rufe,
In nemi ƙarar tsintsiyarki a tsakar gida tana wucewa.

Na san hunturu ya tsage leɓe, ya busar da jiki,
Man kaɗanya yana kan taga inda kike ajiye naki,
Ni kuwa zufa ba ta bar ni ko a cikin ɗaki,
Rigar da na wanke ranar Litinin ta ƙi bushewa.

Da asuba na zauna a benci na karɓi shayi,
Citta ta yi yawa, kanumfari kuwa bai yi,
Ke kike jefa mini ƙwaya uku ba tare da na ce a yi,
Ban taɓa gode miki ba, yau nake godewa.

Idan tumatir ya ja baya a ƙarshen rani,
Zan hau motar farko, in Allah ya nufe ni,
Kafin nan ki zuba turare a kasko don ni,
Ki bar ƙofar a buɗe, iskar hunturu nan kudu take tahowa.

Malamin Agege:

Yanzu na ga matarka, na ga tagar da man yake kai,
Wannan takarda maƙwabciya ba za ta karɓa ba.

Baitin kanumfari shi ne zuciyar waƙar,
Don ka faɗi abin da shekaru ba ka faɗa ba.

Gyara ɗaya ya rage mini. Ɗangon tsintsiya ya fi 'yan uwansa tsawo, wanda duk ya rera shi da baki zai ji numfashinsa ya ƙare kafin ya kai "wucewa", saboda haka ka cire "a tsakar gida", domin ita ta san inda take shara. Bargon kuma ka dube shi da kyau, tun da a baitin da ke biye ka ce zufa ba ta barin ka, mai zufa kuwa ba ya jan bargo.

Hajiyar Idi-Araba:

Malam ya duba awo, ni alkawari na duba,
"Ƙarshen rani" ba rana ba ce, babu mai riƙe shi.

Za ta fara ƙirga tun daga daren Asabar,
Duk motar da ta tsaya a titi ta ce ga shi.

Ko ka ambaci wata ka tsaya a kan maganarka,
Ko ka bar turaren kaɗai, baitin zai ɗauki kan shi.

Ɗalibin Akoka:

Na sallama gadar, Malam, na bar ta ga masu hoto,
Warin nan dai a baiti na uku har yanzu yana damu ni.

Direban Apapa:

Wari ko ƙamshi, ku dai ku gama gardamarku,
Daren Talata nake ɗaure tamfol a kan kaya.

Ka naɗe takardar a leda saboda zufar aljihu,
Ka sa ta a cikin atamfar, in Allah ya so Juma'a ina Zariya.